"Me muka yi jiya?" ba mabuɗin darasi ba ne

Akwai wani tsarin darasi da ake ta yabawa, na aji biyar a kan lissafin kaso, su ɗaya bisa biyu da uku bisa huɗu. Na karanta shi, kuma raina ya ɓaci. A gurbin da aka ware wa ilimin da yara suke da shi tun da farko, abin da aka rubuta layi ɗaya ne: ɗalibai sun san rabawa. Shi ke nan. A gurbin gabatarwa kuma aka ce malami zai tambayi ɗalibai darasin da ya gabata. Daga nan sai aka tsallaka kai tsaye zuwa lambar sama da lambar ƙasa da layin da ke tsakaninsu. Wannan ne ake ce wa sababbin malamai su kwafa? Wallahi ban yarda ba.

Wa ya ce ɗaliban sun san rabawa? An rubuta shi ne kawai saboda fom ya bar gurbi. Kuma ko sun sani, wane irin sani? Yaron da ya haddace cewa 12 a raba gida 4 ya ba da 3 daban, yaron da ya fahimci cewa rabon bai yiwu ba sai kowa ya samu daidai da na ɗan'uwansa daban. Lissafin kaso a kan na biyun yake zaune. Malamin da ya ce "me muka yi jiya?" yara suka haɗa baki suka ce "rabawa", ya ji sunan darasi ne kawai. Bai ga abin da ke cikin kan ko yaro ɗaya ba. Amsar haɗa baki yara biyar na gaba ne suke jan ta, sauran suna bin sauti.

Tun a 1968 David Ausubel, masanin yadda ɗan Adam yake koyo, ya faɗi magana mai ma'anar cewa abu mafi tasiri a kan koyo shi ne abin da mai koyo ya riga ya sani, don haka a gano shi a koyar daidai da shi. Kowa ya karanta wannan lokacin horon malanta. Amma rabin maganar muke ɗauka. A gano shi, ya ce. Ganowa aiki ce da ake yi a cikin aji, da hannun yara, a idon malami.

Ga abin da nake so na gani a mintuna goma na farko, kuma ba ya cin komai sai tsohuwar takarda da aka yanka dogaye-dogaye masu tsawo ɗaya. Ka zaunar da yara huɗu-huɗu. Ba ka rubuta kan darasi a allo ba tukuna, ba ka ambaci sama ko ƙasa ba. Ka ba kowane rukuni zirin takarda 12 ka ce su raba tsakaninsu kada a cuci kowa. Wannan ba zai wuce minti ɗaya ba, kuma kana zagayawa kana kallo. Wasu za su ce uku-uku tun kafin su taɓa takardar. Wasu za su riƙa miƙa ɗaya-ɗaya har ta ƙare. Duka sun isa ga amsa, amma ka riga ka san waɗanda rabawa ta zauna musu da waɗanda har yanzu suke ƙirgawa.

Sai ka ƙara wa kowane rukuni ziri ɗaya. Yanzu 13 ne, su kuma huɗu. Nan take za ka ji "uku saura ɗaya", domin haka aka koya musu, kuma daidai ne. Sai ka ce, "To wannan ɗayan da ya rage fa? Ba na so a dawo mini da shi, kuma ba na so mutum ɗaya ya riƙe." Ka yi shiru. Shirun nan shi ne abin da malamai da yawa ba su iya ba, da sun ga yara sun tsaya sai su ba da amsa. Ka daure.

A nan ne aji yake buɗe maka cikinsa. Wani rukunin zai ninke zirin biyu, ya sake ninkewa, ya yaga huɗu cif. Waɗannan sun zo da rabi da kwata a hannunsu, suna kawai ya rage ka ba su. Wani rukunin zai yaga huɗu da ka, wani guntu babba wani ƙarami, su miƙa wa juna su ce sun gama. Wani kuma zai ce maka ai ɗaya ba ta rabuwa gida huɗu, saboda an taɓa ce musu ba a raba ƙarami da babba. Duba fa, amsoshi uku, matsaloli daban-daban, duk a minti uku. "Me muka yi jiya?" da wanne daga cikinsu za ta nuna maka?

Rukuni na biyu su ne na fi so a tsaya a kansu, don su ne tsarin darasin nan zai bari a baya ba tare da kowa ya lura ba. Ka ɗaga guntayensu huɗu marasa daidai, ba tare da ka kunyata su ba, ka tambayi aji, "Wanda aka ba wannan ƙaramin zai yarda?" Ba za su yarda ba, yara ba su wasa da rabo. Ka ce me ya sa. Da bakinsu za su ce ai ba daidai ba ne. To sharaɗin kaso ke nan gaba ɗaya, kuma daga wurinsu ya fito. Yaron da bai kama wannan ba, gobe za a zana masa akwati mai gida huɗu marasa girma ɗaya, a shafa wa ɗaya launi, ya rubuta 1/4 da ƙwarin guiwa, domin shi a wurinsa aikin ƙirga gidaje ne. Za ka ba shi maki a wasu tambayoyin, ka ɗauka ya gane, alhali bai gane ba.

Akwai mataki na ƙarshe, shi ma kafin a rubuta komai a allo. Kowa ya ɗauki cikakken ziri ya ninke biyu. Gida nawa? Biyu. A sake ninkewa. Huɗu. Yanzu kafin a ninke na uku, kowa ya rubuta a bayan littafinsa gida nawa yake tsammani, ya ɗaga. Za ka ga 6 da yawa, saboda sun ga biyu, sun ga huɗu, sai suka ci gaba da ƙara biyu. Su buɗe su ƙirga su tarar da 8. Sai ka yi tambayar da dukan darasin ya dogara a kanta: idan za a ba ka gida ɗaya, daga zirin da aka raba huɗu kake so ko daga wanda aka raba takwas? Kowa ya nuna da yatsu a lokaci ɗaya, ban da haɗa baki. Waɗanda suka ɗaga takwas ka gane fuskokinsu, sannan ka sa su ɗora guntun nan a kan wancan su gani da idonsu.

Me ya sa nake nacewa a kan wannan? Saboda ilimin da yaro ya zo da shi ba duka ne yake taimakonsa ba, wani yakan yi masa tarnaƙi. Shekara da shekaru yana koyon cewa 8 ta fi 4, kuma gaskiya ne. Ran da ka rubuta 1/8 da 1/4 ba tare da ya taɓa riƙe su a hannu ba, da wannan gaskiyar zai auna su, ya ce 1/8 ta fi girma. Da ita kuma zai tara 1/2 da 1/3 ya samu 2/5, sama da sama, ƙasa da ƙasa. Wannan ba dakikanci ba ne, kuma ba na yaran wani wuri kaɗai ba ne. A wata jarrabawar ƙasa da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1970 an tambayi yara 'yan shekara 13 su kimanta 12/13 a tara da 7/8, aka ba su zaɓin 1, 2, 19 da 21. Kusan kashi 24 cikin ɗari ne kawai suka zaɓi 2. Fiye da rabi sun zaɓi 19 ko 21, wato sun tara lambobin sama ko na ƙasa. Yaron da ya taɓa riƙe ziri mai gida takwas aka cire masa ɗaya ya san 7/8 saura kaɗan ta cika ɗaya. Wannan sanin daga mabuɗin darasi yake farawa.

Na san abin da za a ce. Lokaci bai isa ba. Minti goma ne, kuma wanda ya ƙi ba da su yau zai biya su da makonni yana gyaran 2/5. Aji ya yi yawa. To ai ajin da ya yi yawa shi ya fi bukatar a ɗaga yatsu da littafi, tunda ba za ka iya tambayar kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Yara za su yi hayaniya. Za su yi, a kan wa ya samu babban guntu, kuma wannan gardamar ita ce darasin. Babu kayan aiki? Takarda na ce, 'yan'uwa.

Abin da ya rage shi ne malami ya yi aiki da abin da ya gani, in ba haka ba wasa kawai aka yi. Idan akasarin rukunoni sun ninke daidai kuma sun zaɓi huɗu, ka wuce, ka ɗaga guntu ɗaya ka rubuta 1/4 a gefensa, ka bar su su faɗa maka abin da huɗun take nufi da abin da ɗayan take nufi. Idan ka ga rabin aji sun yaga da ka, to darasin yau rabo daidai ne, rubutun lambobi ya jira gobe. Idan kuwa tun a 12 ɗin farko wasu suka kasa, matsalarsu rabawa ce, kuma gara ka sani yau. Tsarin darasin da bai tanadi waɗannan hanyoyi ba ya nuna cewa mai shi bai yi niyyar sauraron amsar yara ba tun farko.

Af, tunda ana maganar allo, don Allah a rage zana da'ira. Duk littafi da'ira, duk malami da'ira. Rabi da kwata suna fita da kyau, amma ka gwada raba da'ira gida uku ko biyar daidai da alli, hannu ɗaya, yara suna jira. Gidajen ba sa fita daidai, ga shi yanzu ka gama ce musu dole su zama daidai. Yara kuma idan suka zo kwafa sai su ja layuka biyu a tsaye su raba ta uku, gidan tsakiya ya fi na gefe girma, su rubuta 1/3 a kowanne. Dogon akwati ya fi sauƙi, ana auna shi da rula, kuma idan lokacin layin lambobi ya zo, shi ɗin ne dai za ka sa wa 0 a wannan bakin da 1 a wancan.