Dawowar kuɗin injin niƙa ba ita ce riba ba

"Injin niƙa zai mayar da kuɗinsa cikin shekara uku, to ai saye ya fi haya, ko?"

Ba lallai ba ne. Lissafin dawowar jari yana ɗaukar nairar baɗi daidai da ta yau, alhali kuɗin da ke hannunka suna iya juyawa a sayen hatsi.

A ce injin naira 1,500,000 ne, hayarsa kuma 600,000 a shekara, gyara na kan mai shi. In ka saya, gyara da sauya faranti za su ci kamar 100,000, abin da ka tsira da shi ya zama 500,000 a shekara. Shekara uku ke nan jari ya dawo.

Amma in kuɗinka kan kawo kashi 25 cikin 100 a wata sana'a, sai ka raba 500,000 ɗin kowace shekara da 1.25, sau adadin shekarun da za ka jira. Ta farko ta koma 400,000, ta biyu 320,000, sai 256,000, 204,800 da 163,840. A shekara biyar jimilla 1,344,640. In a ƙarshen shekara ta biyar ka sayar da tsohon injin 300,000, darajarsu a yau kusan 98,000 ce. Duka 1,443,000, ƙasa da abin da ka biya, wato haya ta ɗan fi.

Ni dai na fi duba wannan kashi 25 ɗin. In ya sauka zuwa 15, ko mai injin yana ƙara kuɗin haya duk shekara, saye ne zai yi nasara.