Yaron da ya ci 114 cikin 100

Kun san ɗakin malaman nan namu a makon haɗa sakamako, ba sai na faɗa muku ba. Fanka ba ta juyawa, jami'in jarrabawa yana zagaye da jan biro, kowa ya duƙufa. Na miƙa takardar makin SS2 da wuri, har ina tausaya wa waɗanda ba su gama ba.

Aka zauna mitin. Mataimakin Firinsifal ya ɗauki babbar takardar sakamako, ya gyara tabarau, ya bi layi da yatsa, sai ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, "Malam, wannan yaro na lamba bakwai, ɗan wa ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, yaro ne mai ƙoƙari." Ya ce, "Ai na ga alama. Ya ci ɗari da goma sha huɗu." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya sake maimaitawa a hankali, ɗari, da goma, sha huɗu, sannan ya tambaye ni ko sha huɗun za a ajiye wa yaron ne zuwa zango mai zuwa ko a raba wa mabuƙata. Malamar Turanci ta kifa kai a tebur kafaɗunta na rawa. Ni kuwa da bakina na ce, "Wataƙila kwamfuta ce." Ya ce, "To, a kira ta ta yi bayani."

Ga yadda abin ya faru, kuma ku daina dariya ku saurara, don rabinku haka kuke yi, dubunku ce ba ta cika ba. Tsarinmu CA 40, jarrabawa 60. Arba'in ɗin an raba ta uku: gwajin farko 15, na biyu 15, aikin gida 10. Amma ba wanda yake tsara tambayoyi su faɗo daidai a kan 15. Na farko na yi makinsa a kan 20, na biyu ya yi tsawo ya kai 50. Yaron ya samu 18, da 40, da 8 a aikin gida, ga 80 cikin 100 a jarrabawa. Jarrabawar na mayar da ita kan 60, ta ba da 48. Sauran ukun kuwa ɗanyensu aka tara, 66, aka ɗora a kan 48. Ga 114 ɗinku.

Abin da ya kamata shi ne kowane maki a raba shi da jimlar da aka yi gwajin a kanta, a ninka da kason da aka ware masa, kafin a tara komai. 18 cikin 20 a kan 15 ya zama 13.5. 40 cikin 50 ya zama 12. Aikin gida yana nan a 8. CA ɗinsa 33.5 ke nan, da 48 ya tashi 81.5, a cike ya zama 82. A1 ɗinsa tana nan daram, tunda daga 75 take farawa. Wato duk wannan tozarcin a kan yaron da darajarsa ba ta ko motsa ba.

Wanda ya fi kowa dariya shi ne mutumin nan mai gyaɗa a aljihu. Kun gane shi. Har da buga tebur, har ɓawon gyaɗa na tashi. Wannan bawan Allah, tunda nake ban taɓa ganin takardar gwaji a hannunsa ba. CA ɗinsa kowa tsakanin 28 da 32 yake, mai ƙoƙari da mai barci a bayan aji, har yaron da aka mayar wata makaranta tun farkon zango ya samu 30. Shi makinsa ba zai taɓa wuce ɗari ba, don ba lissafi ne ya haife shi ba. Kuma har yau bai dawo mini da kalkuletata ba, wadda ban san me yake lissafawa da ita ba.

Shi ne ma ya ba ni shawara bayan an tashi, wai in tara ɗanyen makin duka a kan 80 in raba biyu, shi ke nan ya koma 40. A kan yaron lamba bakwai dabarar ta ba da 33, kusa da 33.5, har na fara jin daɗi. To amma wannan ta fi tawa haɗari, domin ba ta ihu. Idan ka tara 20 da 50 da 10 ka raba biyu, gwaji na biyu ya kwashe 25 cikin 40, na farko ya koma 10, aikin gida 5. Ka canza tsarin makaranta ba tare da kowa ya sani ba. Akwai yarinya a ajin da ta samu 19 a na farko, 20 a na biyu, 10 a aikin gida. Da dabarar mai gyaɗa, 49 a raba biyu, 24.5. Da lissafin gaskiya kuwa, 14.25 da 6 da 10, wato 30.25. Ta samu 20 cikin 60 a jarrabawa. Hanyarsa ta ba ta 44.5, a cike 45, D7. Hanyar gaskiya ta ba ta 50.25, C6. Kiredit guda ya tafi, kuma babu Mataimakin Firinsifal da zai cire tabarau a kai, don 45 ba ta ba kowa mamaki.

Cike adadi ma sau ɗaya ake yin sa, a kan jimlar ƙarshe. In ka cike kowane gwaji daban, rabin maki nan rabin maki can, yaro zai iya tsallake iyakar daraja da makin da bai samu ba. A Excel layi ɗaya ne, in gwajin farko yana ginshiƙin B, na biyu a C, aikin gida a D, jarrabawa a E:

```
=ROUND(B2/20*15+C2/50*15+D2+E2/100*60,0)
```

Sai a kula da gurbin da ba a cike ba, wannan lissafin sifili yake ɗaukarsa. Yaron da ya yi gwaji ya ci sifili daban, wanda zazzaɓi ya kwantar ranar daban. Na biyun a rubuta ABS a gurbinsa. Excel zai ƙi lissafin ya nuna `#VALUE!`, kuma gara haka, don ya tilasta maka ka yanke hukunci. Ko a sake masa gwaji, ko in makaranta ta yarda a auna shi da abin da ya yi: wanda yake da 13.5 da 8, wato 21.5 cikin 25, a kan 40 ya zama 34.4.

Jami'in jarrabawa, Allah ya saka masa, shi ya nuna mini abin da yanzu nake yi kafin in miƙa kowace takarda. A saman kowane ginshiƙi a rubuta a kan nawa aka yi gwajin da kason da yake ɗauka. Sannan a layin farko a sa ɗalibin bogi wanda ya cinye komai, 20, 50, 10, 100. In jimlarsa ba ta tsaya a kan 100 cif ba, kada a shigar da sunan kowa. A tsohuwar takardata wannan ɗalibin 140 zai ci. Shi dai wannan gwajin ba ya kama dabarar raba biyu, ita sai an duba kason kowane ginshiƙi.

Yanzu 'yan SS2 Sha Huɗu suke kirana in na juya baya, ban san wanda ya kai musu labarin ba, amma na ga ɓawon gyaɗa a ƙofar ajinsu. Wanda ya gan shi ya ce masa ina son kalkuletata.