Mai cewa "ka natsu kawai" bai taɓa riƙe makirfo hannunsa na rawa ba

Ɗan yayata ya zo gidana a Fantami bayan sallar isha'i, da kwamfutarsa a hammata. Yana digiri na biyu a fannin noma, kuma an karɓi takardarsa a wani taron masana da za a yi a Bauchi. Saura kwana tara. Ko zama bai gama yi ba ya ce, "Kawu, wallahi in na tuna ranar nan sai cikina ya ɗuri ruwa." Na tambaye shi me mutane suka ce masa. Ya ce kowa cewa yake ya natsu kawai, ya ja dogon numfashi, ai aikinsa ne ya fi kowa saninsa.

Wannan shawarar ce ta sa nake rubutun nan, don ni a ganina rabinta banza ce, rabinta kuma cutarwa take yi. Ba a umartar zuciya ta daina bugawa. Idan mutum ya miƙe gaban jama'a, jiki yana sakin sinadarin adirinalin kamar yadda zai yi in kare ya biyo shi. Zuciya ta ƙara gudu, yawu ya ƙafe, hannu ya kama rawa, numfashi ya dawo sama-sama a ƙirji. Wannan duk aikin jiki ne, ba rashin ilimi ba ne, ba kuma raunin imani ba. Annabi Musa (AS) kansa da aka aike shi wurin Fir'auna sai da ya roƙi Allah Ya buɗe masa ƙirji, Ya warware masa ƙullin harshe. To kai wane ne da za ka ji kunya don muryarka ta yi rawa?

Maganar "ja dogon numfashi" kuwa, a nan ɓarnar take. Mai jin tsoro dama yana shaƙar iska fiye da bukatarsa. In ka ce ya ƙara ja, sai ya yi ta zuƙa da sauri yana ɗaga kafaɗu, iskar kabon da ke cikin jininsa ta ragu fiye da kima, sai jiri ya kama shi, yatsu da leɓe su fara tsatstsafa kamar ana tsira masa allura. Shi kuma ya ɗauka suma zai yi, tsoron ya ninku. Abin da ke rage gudun zuciya fitar da numfashi ne, ba shaƙarsa ba. Duk lokacin da ka shaƙa, zuciya takan ɗan ƙara sauri, in ka fitar takan ɗan sassauta. Don haka dabarar ita ce fitarwar ta fi shaƙar tsawo.

Na sa shi ya ɗora tafin hannu a kan cibiya. Ya shaƙa ta hanci yana ƙirga huɗu a zuci, ya tabbata cikin ne ke tasowa ba kafaɗa ba, sannan ya fitar ta baki a hankali yana ƙirga shida, kamar mai hura koko mai zafi a ludayi. Huɗu da shida daƙiƙa goma ke nan, numfashi shida a minti ɗaya. Na ce ya yi minti uku safe da yamma har ranar taron, don abin da ba ka saba da shi a ɗaka ba, ba za ka tuna da shi a dandali ba. In ya ji jiri, iskar ta yi yawa ne, ya rage zurfin shaƙar. Na kuma hana shi goro da shayi mai ƙarfi a safiyar ranar. Sinadarin da ke cikinsu mai hana barci shi ne dai ke ƙara wa zuciya gudu, ga hannu dama yana rawa.

Amma fa kada wani ya ɗauka numfashi magani ne na ƙarshe. Wuta yake rage wa tukunya, ba ya sauke ta. Wanda kuma tsoron ke kai shi ga kasa barci makonni, ko ya ji ƙirjinsa na ciwo, likita ya kamata ya gani, ba rubutun kawun wani ba.

Sai na ce ya buɗe kwamfutar. Silaid 34, wato shafukan da zai haska a bango. Minti nawa aka ba ka? Minti 15, uku daga ciki na tambayoyi ne. Na ce to ga rabin tsoronka nan. Jikinka ya riga ya san kayan nan ba za su shiga wannan buhun ba, kai ne ba ka yarda ba.

Lissafin ba wuya. Mai magana da Turanci a natse, yadda na bayan zaure zai fahimta, yana yin kalma 120 zuwa 130 a minti. Mu da muke tunani da Hausa ko Fulatanci muna furtawa da Turanci gara mu tsaya a 120. Minti 12 ke nan kalma 1,440, kuma ba a cika lokaci har baki, don haka na ce ya shirya na minti 11, wajen kalma 1,300. Takardarsa ta haura kalma dubu shida. Ke nan kashi huɗu cikin biyar ba za su shiga zauren ba, kuma ba laifi, mai son su ya karanta takardar.

Aikinsa a kan adana wake ne. Ya kwatanta buhun da aka saba da shi da buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa tsam, wanda ƙwaro ke mutuwa a cikinsa saboda iska ta ƙare masa. Na ce ya gaya mini abin da ya gano a jimla ɗaya, da Hausa. Ya fara da tarihin noman wake a Afirka ta Yamma. Na tsayar da shi. Sai a karo na huɗu ya ce, "Buhun yana aiki ba tare da maganin ƙwari ba, amma in ledar ta huje ko ba a ɗaure ta da kyau ba, ƙwaron yana ci gaba da ɓarna." Na ce alhamdu lillahi, jawabinka ke nan, saura duk 'yan rakiya ne.

Muka raba mintunan. Biyu ga matsalar, wato manomin da ke sayar da wakensa da kaka da araha don tsoron ƙwaro. Biyu ga yadda ya yi gwajin. Biyar ga abin da ya samu, da jadawali biyu kacal da hoton wake guda ɗaya. Biyu ga abin da sakamakon ke nufi da inda gwajin ya gaza. Silaid suka dawo goma.

Inda muka yi gardama shi ne gaisuwa. Ya rubuta sakin layi guda na jinjina wa shugaban zama da manyan baƙi da iyayen ƙasa. Na gane tarbiyya ce, ba a shiga zaure ba sallama. Amma ni a taro na na farko, shekarun baya, na kwashe minti uku ina gaisuwa, ina tsakiyar bayanin yadda na tattara bayanai aka miƙo mini 'yar takarda an rubuta saura minti biyu. Sakamakon da na yi shekara ina nema na karanta shi kamar mai sanarwar cigiya a tasha. Shugaban zama ba ya jin haushin gaisuwar jimla ɗaya, wuce lokaci ne ke ɓata masa rai. Ka yi sallama, ka gode masa, ka shiga magana.

Ya tambaye ni ko ya haddace jawabin duka. Na ce a'a. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san yadda hadda take, in kalma ɗaya ta kuɓuce sai ka koma farkon sura. A gaban mutane ɗari ba damar komawa. Abin da ake haddacewa kaɗan ne: jimloli ukun farko, saboda tsoro ya fi tsanani a minti ɗaya ko biyun farko kuma a lokacin ne kai ke ɗaukewa, sai jimlar da ke haɗa kowane sashe da na gaba, sai ta rufewa. Ya rubuta su a ƙaramin kati. Tsakiyar kuwa ya faɗe ta yadda ta zo bakinsa, ai ya san wakensa.

Sai gwaji, wanda a nan ne mafi yawanmu muke yaudarar kanmu. Mutum ya kishingiɗa yana danna silaid yana bi da ido, ya ce ya yi bita. Ido ya yi bita, baki bai yi ba. Dole a miƙe tsaye, a ɗaga murya, agogo yana tafiya. Na farko ya yi shi kaɗai, ya ci minti 17. Na biyu ya ɗauki kansa da waya, ya kalla, ya kira ni yana dariya wai bai san yana juya wa mutane baya yana karanta bango ba, kuma kowace jimla sai ya haɗiye ƙarshenta. Haɗiye ƙarshen jimla alamar iska ce ke ƙarewa, maganinsa a gajarta jimlar, a tsaya a yi numfashi a kowace aya. Shirun daƙiƙa biyu a kunnen mai magana kamar shekara ne, a kunnen mai sauraro kuwa natsuwa ce.

Na uku a tsakar gida aka yi, gaban mahaifiyarsa da ƙannensa, ya yi da Turanci ya kuma taƙaita da Hausa. Yaya ta ce, "To ni dai na ji ana ɗaure buhu, amma ban ji nawa manomi zai kashe ba." Tambayar da malamansa ba su yi masa ba ke nan, muka ƙara jimla biyu a kan kuɗin buhun. Na huɗu na rufe kwamfutar na ce an ɗauke wuta, ci gaba. Ya daburce a sashe na uku, ya duba katinsa, ya kama hanya. Na biyar na zama mugun farfesa, na yi ta jifansa da tambayoyi har ya iya cewa, ba tare da sunkuyar da kai ba, "Wannan ban gwada shi ba, amma ga abin da gwajina ya nuna." Daga nan na ce ya isa. Daren jajibiri ba a taɓa silaid.

Ranar taron suka kama hanya da asuba, ta Alkaleri. Na ce ya shiga zauren kafin a fara, ya tsaya inda zai tsaya, ya gwada makirfon, ya ajiye ruwa kusa, kuma ya yi numfashinsa na huɗu da shida yayin da wanda ke gabansa ke amsa tambayoyi. Da la'asar ya kira ni. Ya ce ƙafarsa ta dama ta yi ta rawa a bayan teburi har silaid na uku, ba wanda ya gani. Ya gama a minti 11 da 'yan daƙiƙu. Tambayar farko da aka yi masa, daga wani dattijo a layin gaba, ita ce nawa ne buhun. Ya ce, "Kawu, da na ji tambayar saura kaɗan in yi dariya. Ka gaya wa Inna."