Labarin wanda ya sauya addini ba hoton jiya ba ne

Wani ɗalibin digiri na biyu a Samaru ya tambaye ni: "Malam, tunda daga bakin mutumin na ji yadda ya musulunta, ai hujjata ta cika ko?"

Da saura. Abin da ka ɗauka a rikoda labari ne da ya gina bayan ya sauya, da idon yau yake kallon jiya. Tun 1978 masanin zamantakewa James Beckford ya nuna haka a bincikensa kan Shaidun Jehobah a Birtaniya: labaran da mabiya ke bayarwa suna bin salon da ƙungiyar ta amince da shi.

A ce dattijo ne daga wani ƙauyen Maguzawa, ya musulunta shekara 30 da suka wuce. Zai ce maka da yana cikin duhu, sai Allah Ya shirye shi. Ba ƙarya yake yi ba, amma ya faɗi wannan a gaban jama'a har ya haddace. Haka za ka ji a Wusasa wajen wanda ya koma Kirista, kalmomin ne kawai suka bambanta.

Don haka kada ka fara da "me ya sa?". Tambaye shi wa yake ci da sha da shi a shekarar, a gonar wa yake aiki, aure ya riga shahada ko shahada ta riga aure. In liman ko fasto ne ya kai ka, kuma yana zaune a kan tabarmar, to shi ake ba labarin. Ka sake komawa kai kaɗai bayan mako biyu, ka kwatanta hirarrakin.

Sunansa da na ƙauyensa kuwa ka sakaya su, don wani danginsa ba su sani ba har yau.