Mana, fa da ko ba su da aiki ɗaya wurin neman abu

A Kumasi filis, kalmar roƙo ta Turanci, ba ta da tsada. Daga kasuwar Kejetia zuwa Aboabo, yaron mota da mai sayar da ruwa kowa da ita a baki, don mutanen Asante sun saba buɗe magana da roƙo a yarensu, sai suka ɗauko ɗabi'ar suka zuba a Turanci. Matsalar tana tasowa ne in yaranmu na Zango sun tashi mayar da umarnin Turanci Hausa. Suna neman kalma guda da za ta tsaya a madadin filis, galibi sai su cafki mana. Ni da na tashi a Katsina ina ganin nan ne ake tafka kuskure, domin mu ba da kalma guda muke tausasa magana ba.

Ɗauki ɗan kasuwa da yake bin wani dattijo sidi 500 na goro. Da Turanci saƙon gajere ne, a turo kuɗin yau, a liƙa filis a gaba, shi ke nan. In aka juya shi kai tsaye, "Turo kuɗin yau" za a samu, kuma wannan magana ce ta maigida da yaronsa. Gyaran farko ma bai shafi mana, fa da ko ba. Sai an sa wakilin suna, a ce "ka turo", ko "ku turo" tunda babba ne, ko ma "a turo" yadda ba a nuna kowa da yatsa ba.

Yanzu sa mana: "Ka turo kuɗin yau mana." Ɗan kasuwar yana ganin ya yi ladabi, dattijon kuwa abin da ya ji shi ne an gaji da shi. Mana turawa take yi. Tana da daɗi ne in amfanin abin na wanda ake wa magana ne, kuma kunya ce ta riƙe shi. Baƙo ya tsaya a bakin zaure, ka ce "Shigo mana, Malam." An ajiye tuwo yana noƙewa, ka ce "Ci mana." A nan ka cire masa nauyi. Amma in amfanin naka ne, kamar bashi, sai ta koma "me kake jira?" A rubutun waya ma akwai wani tarkon, tunda ba a jin karin murya: "ku turo mana kuɗin" na nufin a turo gare mu, roƙo ne lafiyayye, alhali "ku turo kuɗin mana" ƙorafi ne. Wurin zaman kalmar kaɗai ya raba su.

Fa kuma tuni ce. "A turo kuɗin yau fa" tana aiki ne in dama an yi alkawarin yau ɗin. Tsakanin abokai tana da zaƙi, kamar mai raka ka tasha ya ce "Ka gaida gida fa", ko uwa ta ce "Ka dawo da wuri fa." Amma a bayanta akwai kashedi a laɓe, shi ya sa daga sama take saukowa ƙasa, ko ta tafi tsakanin sa'o'i. Yaro ya aika wa sa'an babansa ita a kan kuɗi, to ya ja masa kunne ke nan.

Wadda ta dace da dattijon nan ita ce ko, a farkon magana: "Baba, ko za a samu a turo kuɗin nan yau?" Ta mai da umarni tambaya, ta bar masa ƙofar da zai ce "sai jibi, ɗana" ba tare da ya ji kunya ba. In an ƙara "don Allah" da uzuri kaɗan, kamar cewa za a biya masu kaya, ya wadatar. Sai dai ko ta ƙarshen magana daban ce. "Za ku turo yau ko?" neman tabbaci ne, kuma bakin wanda aka taɓa saɓa wa alkawari ta fi kama.

Na san abin da 'yan kasuwar Zango za su ce: mai barin ƙofa a buɗe ba ya karɓar kuɗinsa. Da gaskiyarsu, ko tana da wannan rauni, mai taurin bashi zai bi ta ƙofar ya fice. Shi ya sa a gida ake bin su daki-daki. Saƙon farko da ko. In ya sa rana, ranar ta zo, an sami hurumin fa, amma ga babba a haɗa ta da "a": "Baba, yau ce fa aka ce." Mana sai a ƙarshe, lokacin da ka yarda ya san ranka ya ɓaci.

In ka zarce, amsarsa za ta gaya maka. Wanda aka roƙa da kyau yakan kawo uzuri ya sa rana. Wanda aka tura kuwa "Na ji" kawai zai rubuto, ko ya ce "Ai ban gudu ba", ƙila ma ya biya a ranar, goron gaba kuma ya saya a rumfar maƙwabcinka.