Fuskar Goggo ba ta buƙatar gyaranku

Yaron da ya goge wa Goggo zanen fuskarta a hoton walimar nan ta Bolari bai kyauta ba, kuma masu kare shi da "ai gyara ya yi" ku ma ba ku kyauta ba. Wa ya sa shi? Ita ta ce a gyara mata?

Duk kun ga hoton yana yawo. Kumatun tsohuwa sun yi sumul, fuska ta yi fari fat, hannun da ke riƙe da carbi kuwa yana nan da launinsa na asali. Da haka ake gane hoton da aka taɓa: a dubi wuya da bayan hannu, a gwada su da fuska. Kuma ku sani, manhajojin gyaran hoto irin su Remini ba dattin hoto kawai suke wankewa ba. Idan hoto ya yi dishi-dishi, cike gurbi suke yi da hasashe, su ƙirƙiro ido da haƙori da fata daga fuskokin da aka koya musu. Shi ya sa zanen gado yakan ɓace kamar wani tabo, wushirya ta toshe, tamoji ya gudu. Wadda ta fito a ƙarshe kama kawai take yi da Goggo.

Zanen nan shi ke faɗin gidan da ta fito. Da shi ta yi aure, da shi ta haifi iyayenku. Da aka nuna mata wayar, cewa ta yi, "Wannan 'yar waye?" Wallahi abin ya taɓa ni. Ka gaya wa tsohuwa, ba tare da ka buɗe baki ba, cewa fuskarta ba ta isa shiga mutane ba.

Niyyarsa mai kyau ce? To, mun ji. Niyya ba izini ba ce. Kowa na yi? Kowa ya yi wa tasa fuskar.

Ban ce kada a taɓa hoto ba. Ka ƙara haske idan rumfa ta yi duhu, ka yanke gefen da bokiti ya fito, babu mai magana. Amma da zarar ka kai ga launin fata, ƙiba, kurajen fuska, furfura ko zane, ka shiga jikin mutum, sai da yardarsa. Ka tura masa biyun shi kaɗai, na asali da wanda ka taɓa, ka ce, "Yaya, wanne zan sa?" Idan ya ce kada a sa ko ɗaya, magana ta ƙare. Ko budurwar da kake ganin za ta yi murna, ka tambaye ta, don ita za a tsare da ido ranar da aka gan ta a zahiri.

Yanzu ma an nemi na asalin don a wanke a sa a firam, yaron ya ce ya goge. Masu tura hotunan biki ta WhatsApp, don Allah ku riƙa turawa ta Document. Ɗayar hanyar matse hoto take yi, ya iso a dushe, daga nan yara su ce sai an gyara.