Rikicin Na'urar Sanyaya Ɗaki da Sabon Shugaban Sashe

Kafin a miƙa mini takardar ƙarin girma zuwa shugaban sashe, sai da aka tura ni wani ɗan gajeren kwas kan basirar fahimtar motsin rai, wato iya gane abin da ke cikin zuciyarka da ta abokin aikinka, sannan ka san yadda za ka bi da su. Malamin kwas ɗin ya ce Peter Salovey da John Mayer ne suka tsara batun a 1990, Daniel Goleman kuma ya yaɗa shi a duniya a 1995. Na cika littafina da rubutu, na dawo ofis ina addu'ar Allah ya sa wasu su yi faɗa domin in gwada ilimina, kuma ba a daɗe ba aka amsa addu'ar.

Mutum biyu ne a sashen ba sa ga maciji da juna. Akwai wani dattijo da ke tattara alƙaluman mako, wanda kowa ke kira Malam, da wata matashiya mai haɗa rahoto daga alƙaluman nasa. Abin da kowa ya sani shi ne suna rigima a kan na'urar sanyaya ɗaki: ita tana son ta a kan 18, shi yana son ta a kan 26, har ta kai rimot ɗin ya koma kwana a cikin aljihun tebur mai makulli. Na tara duka ma'aikatan sashen, na gyara murya, na yi amfani da dabarar da ta fi burge ni a kwas, wadda ta ce idan ka ambaci sunan abin da mutum yake ji, zafinsa yakan ragu. Na dubi dattijon na ce, "Malam, na lura kana cikin fushi." Ya cire tabarau a hankali ya ce, "Ranka ya daɗe, da ba na fushi, amma yanzu na fara." Na juya ga matashiyar na ce ta kwantar da hankalinta, ita kuwa ta tambaye ni cikin ladabi mai ban tsoro ko akwai wanda ya ce mini hankalinta ya tashi. Taron ya watse da nasara ɗaya tak: a karon farko sun yi ittifaƙi a kan abu guda, wato ni.

Dabarar ba ƙarya ba ce, amma tana da sharuɗɗa. Ana yin ta a keɓe, bayan mutum ya yi magana, kuma da sigar tambaya. Idan ka yanke wa mutum hukuncin abin da yake ji a gaban jama'a, ka tilasta masa ya kare mutuncinsa, kuma ba shi da hanyar karewa sai ya musanta.

Saboda haka na nemi ganin kowannensu shi kaɗai, na fara da Malam. Na rufe ƙofa, na kife wayata, na bar kujerar bayan tebur na zauna kusa da shi, na ce ya gaya mini yadda yake ganin al'amarin. Maganarsa ta farko ita ce lokacin da ya fara wannan aiki ina makarantar firamare. Nan take na ji kunnuwana sun ɗauki zafi, zuciyata na bugawa, kuma amsa mai kaifi ta iso bakina a shirye. Wannan ne ɓangaren darasin da ya shafi shugaban kansa: jiki yakan riga tunani sanin cewa an taɓa shi, kuma wanda ya gane alamar yana da 'yan daƙiƙu kafin ya faɗi abin da zai yi wata guda yana gyarawa. Na ja numfashi, na ƙirga a zuci, na ce, "Gaskiya ne, Malam, shi ya sa nake son jin naka bayanin." Ya dube ni da alamar takaici, domin a fili yake ya zo da shirin gardama an hana shi.

Ya yi dogon jawabi a kan sanyi da ciwon gwiwa, sannan ya yi shiru. Shirun nan ya fi komai wuya, domin sabon shugaba yana ganin idan bai cika ɗaki da magana ba albashinsa bai halatta ba. Na daure na ƙi cewa komai. Can sai ya ce, kamar da bango yake magana, "Kuma duk kuskuren da ta gani a alƙalumana sai ta aiko da imel ta saka manaja a ciki." Muryarsa ta sauka a kan wannan jimla, alhali a kan batun sanyi ɗaga ta yake yi, kuma da haka na gane inda ciwon yake. Na maimaita masa abin da na ji da kalmomina, na tambaye shi ko abin da ya fi damunsa shi ne ana nuna kuskurensa a gaban na sama. Ya ce ba damuwa ba ce, wulaƙanci ne. Na karɓi gyaran hannu bibbiyu, tunda ya ba ni kalmar da ban samo ba.

Da na zauna da matashiyar, sai hoton ya cika. Ana buƙatar rahotonta ranar Alhamis da safe, alƙaluman Malam kuma ba sa zuwa sai yammacin Laraba, kuma an taɓa yi mata faɗa a kan wani kuskure da ba nata ba. Tun daga ranar take saka manaja a kowane imel domin ta bar shaida. Ita tsoro take ji, shi kunya yake ji, kuma da yake babu mai iya faɗin haka a ofis, na'urar sanyaya ɗaki ce ta ɗauki laifin. Na nemi izinin kowannensu kafin in ambaci abin da ya gaya mini a gaban ɗayan.

A zaman haɗin gwiwa mu uku ne kawai. Na kafa ƙa'ida cewa a faɗi abin da aka yi da abin da ya jawo, ban da siffanta hali, kuma kowa ya maimaita maganar ɗan'uwansa kafin ya ba da amsa. Malam ya fara da cewa yaran zamani ba su da kunya, na tsayar da shi. Ya sake farawa da cewa wasu yaran zamani, na sake tsayar da shi. Daga ƙarshe ya ce idan aka saka manaja a imel kafin a yi masa magana, yakan ji an tozarta shi. Ta maimaita, muryarta ta yi laushi, ta ce ba ta taɓa kallon abin ta wannan fuska ba. Muka rubuta yarjejeniya: alƙaluma za su iso ranar Talata da yamma, duk kuskure za a kai masa shi kaɗai, yana da zuwa azahar ɗin Laraba ya gyara, idan kuma lokaci ya wuce ni za a sanar, ba manaja ba. Da a ce zagi ko cin zarafi na tarar, da sashen kula da ma'aikata zan miƙa maganar, domin sauraro ba ya maye gurbin ladabtarwa.

Batun na'urar kuwa an tsayar da ita a kan 23, aka janye teburin Malam daga inda iskar ke bugawa, kuma suka amince rimot ya zauna a hannuna. Ba su zama aminai ba, amma rahoto yana fita a kan lokaci, imel ɗin ma sun ragu. Abin da ban hango ba shi ne sauran ma'aikatan sun samu labarin cewa sabon shugaba yana rufe ƙofa ya saurari mutum bai katse shi ba, don haka yanzu akwai layi a bakin ofishina, kuma na gaba a layin yana son mu tattauna wanda ke kwashe masa biro.